Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ma'aikatu da masu lissafin albashi a kan alawus ɗin dare

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wani layi guda da ke takardar albashin duk mai aikin dare, wato layin alawus ɗin dare. Aikina lissafin albashi ne, saboda haka maganar nan ta cikin gida ce. Abin da ke damuna shi ne, a wuraren aiki da yawa, asibiti ne ko masana'anta ko kamfanin gadi, idan ma'aikaci ya tambayi yadda aka sami adadin da aka rubuta masa, babu mai iya warware masa lissafin daga farko zuwa ƙarshe. Shugaban sashe ya tura shi ofishin kula da ma'aikata, su kuma su tura shi wurinmu, mu kuma mu ce abin da na'ura ta fitar ke nan. Mutum ya kwana a tsaye, ya cancanci ya san sa'a nawa aka ƙirga masa, da kuma dalilin da aka bar sauran.

Roƙona guda ne. Ku rubuta ƙa'idar ƙirga sa'o'in dare dalla-dalla, ta yadda ma'aikaci da biro da takarda zai sami adadin da muka samu. Yawancin gardamar da nake gani a kan ƙirgar sa'o'i take. Kaso nawa ake biya, wannan kusan kowa ya haddace shi.

A fara da tambayar da ake ɗauka kowa ya san amsarta: yaushe dare yake farawa? A harkar albashi faɗuwar rana ba ta shiga lissafi, agogo ake bi, kuma kowace doka da inda ta ja layinta. Yarjejeniya mai lamba 171 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1990, ta ce aikin dare shi ne wanda aka yi cikin wani lokaci da bai gaza sa'a bakwai a jere ba, kuma dole ya ƙunshi tsakanin ƙarfe 12 na dare da ƙarfe 5 na asuba. Ta ce ladan ma'aikacin dare ya yi la'akari da yanayin aikin, ko ta hanyar kuɗi ko ta rage lokacin aiki ko makamancin haka, amma ba ta yanke kaso ba. Wannan ta bar wa ƙasashe. Japan ta ɗauki ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, da ƙarin akalla kashi 25 cikin ɗari. Koriya ta Kudu da Filifin duk sun ɗauki 10 na dare zuwa 6 na safe, sai dai ta farkon tana biyan kashi 50, ta biyun kuma akalla kashi 10. A Birtaniya dare a wajen doka yakan kama daga 11 zuwa 6, amma dokar ba ta tilasta wani ƙarin kuɗi ba, sai abin da kwantiragi ya tanada. Ke nan idan takardar ɗaukar aiki ta ce kawai "za a biya alawus ɗin dare", ba ta faɗi komai ba tukuna. Ku duba dokar ƙasarku da yarjejeniyar da kuka ƙulla da ƙungiyar ma'aikata, ku ɗauki wadda ta fi amfanar ma'aikaci, sannan ku rubuta ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa da lambobi.

Bayan an ja layi, sai babbar magana ta taso, domin duti ba ya bin layin. Hanyoyi biyu ne aka fi amfani da su. Ta farko ita ce ƙirga sa'a-sa'a: duk sa'ar da ta faɗa cikin lokacin dare ana biyan ƙari a kanta, wadda ta faɗa waje kuma ba a biya. Ta biyu ita ce bin rinjaye: idan fiye da rabin dutin ya faɗa cikin dare, a biya ƙari a kan dutin gaba ɗaya, idan bai kai ba, kada a biya ko kaɗan. Dukansu biyun ana aiki da su, har ma a ƙarƙashin gwamnati ɗaya. A gwamnatin tarayyar Amurka, ma'aikatan ofis suna samun ƙarin kashi 10 a kan sa'o'in da aka tsara musu tsakanin 6 na yamma da 6 na safe, sa'a-sa'a. Masu aikin hannu kuwa rinjaye ake bi musu: kashi 7.5 a kan dukan dutin idan yawancin sa'o'insa sun faɗa tsakanin 3 na rana da 12 na dare, kashi 10 idan sun faɗa tsakanin 11 na dare da 8 na safe.

Bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi lissafinsa. A ce ma'aikaciyar jinya ce, kuɗin sa'arta 1,000 ne a kowane irin kuɗi kuke biya, alawus ɗin dare kashi 25, dare kuma daga 10 zuwa 6. Ƙarin kowace sa'ar dare 250 ke nan. Tana shiga aiki ƙarfe 7 na yamma ta tashi 7 na safe, da hutun sa'a ɗaya da ba a biya. Daga 7 zuwa 10 sa'a uku ce a waje. Daga 10 zuwa 6 sa'a takwas a ciki. Daga 6 zuwa 7 sa'a ɗaya a waje. Idan sa'a-sa'a ake ƙirgawa, kuma hutunta ya faɗa ƙarfe 1 zuwa 2 na dare, sa'o'in darenta bakwai ne, alawus ɗinta 1,750. Idan rinjaye ake bi, takwas cikin sha biyu ta haura rabi, don haka dukan sa'o'i sha ɗaya da ake biya suna samun ƙari, alawus ɗin ya zama 2,750. Mutum ɗaya, dare ɗaya, kaso ɗaya, amma tazarar 1,000 ce. Idan tana yin dutin dare sha biyar a wata, tazarar ta kai 15,000, wato kuɗin sa'a sha biyar na aikinta.

Wani zai ce ashe rinjaye ya fi wa ma'aikaci. Ya fi wa wannan ma'aikaciyar, gaskiya ne. Amma ku dubi abokin aikinta da ke shiga ƙarfe 6 na yamma ya tashi 2 na dare. Sa'a huɗu cikin takwas ya yi a dare, rabi cif, kuma rabi bai zama rinjaye ba, sai ya tashi da hannu biyu. Wanda ya shiga 6:30 ya tashi 2:30 yana da huɗu da rabi, sai ya kwashe ƙari a kan sa'a takwas, wato 2,000. Minti talatin kacal ya raba su. Da sa'a-sa'a ake bi, da na farkon ya sami 1,000, na biyun 1,125, kuma babu wanda zai ji an cuce shi. Akwai wata illa da ta fi wannan. Duk inda ƙaramin sauyi a jadawali zai iya share alawus ɗin duti sukutum, an ɗora wa mai tsara jadawali jarabawa, musamman idan ana matsa masa ya rage kashe kuɗi. Kuna iya gane ko hakan na faruwa a wurinku: ku jera lokutan fara duti na wata uku, ku ga ko sun taru daidai ƙarƙashin layin rinjaye ba tare da wani dalili na aiki ba.

Ni dai ra'ayina shi ne a bi sa'a-sa'a, sai fa inda doka ko yarjejeniya ta ce a bi rinjaye. Ta fi sauƙin bayani, kuma kowane minti na dare yana da farashi ɗaya ga kowa. Inda kuwa rinjaye ya zama dole, to a rubuta abin da za a yi idan aka yi kunnen doki, a kuma rubuta ko lokacin hutu yana shiga ƙirgar rinjayen. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne gauraya hanyoyin biyu: a bi rinjaye wajen hana mai dutin yamma, sannan a koma sa'a-sa'a wajen rage wa mai dutin dare. Wannan yakan faru ba tare da an shirya shi ba, idan sashe biyu suka gaji tsari biyu daga mutane biyu da suka daɗe da barin aiki, amma ma'aikaci ne ke asara ta ɓangarorin biyu.

Mu koma kan hutun ma'aikaciyar nan, domin a nan kuɗi ke zurarewa a hankali. Na ce hutunta ya faɗa ƙarfe 1 na dare, shi ya sa aka cire sa'a ɗaya daga takwas. To idan a zahiri ta huta ne daga 8:30 zuwa 9:30, kafin dare ya shiga, fa? Sa'o'in darenta takwas ne cur, alawus ɗinta 2,000. Manhajojin albashi da yawa suna cire hutu kai tsaye ba tare da sanin lokacin da aka yi shi ba, kuma sai an gaya musu daga wane ɓangare za su cire. Idan aka saita su su riƙa cirewa daga sa'o'in dare kullum, duk wanda ya huta da wuri yana rasa 250 kowane dare. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne hutun da yake a takarda kawai. Ma'aikaciya ɗaya a ɗakin marasa lafiya, ko mai gadi ɗaya a ƙofa, babu wanda zai karɓe shi, ba ya iya barin wurin, idan aka kira dole ya amsa. Ni ban ga yadda za a kira wannan hutu ba. Idan kun cire shi, kun cire kuɗin sa'a da ƙarinta, 1,250 a dare ɗaya. Hanyar ganowa a buɗe take. Ku ɗauki jadawalin dare ku tambayi kanku, a sa'ar da aka ce wane yana hutu, wa ke riƙe da wurinsa? Idan babu suna, ku biya sa'ar.

Sai matsalar ƙarfe sha biyun dare, wadda mu masu lissafi muka fi kowa saninta. Duti ɗaya ne, amma ya hau kwana biyu. Idan aka rubuta shiga 19:00 da fita 07:00 a jadawalin kwamfuta aka ce ta ɗebe, za ta ba da amsa ƙasa da sifili, ko ta cika gurbin da alamomi. Daga nan sai magatakarda ya fara gyarawa da hannu, kuma gyaran hannu a layi ɗari uku ba ya rasa kuskure. Ga wanda ke amfani da Excel, idan lokacin shiga yana A2, na fita yana B2, dare kuma 10 zuwa 6, wannan zai ba da sa'o'in dare kafin cire hutu:

```
=24*(MAX(0,MIN(B2+(B2<A2),30/24)-MAX(A2,22/24))
    +MAX(0,MIN(B2+(B2<A2),6/24)-A2))
```

Dabarar ita ce a ɗauki ƙarfe 6 na safen gobe a matsayin sa'a ta 30, sannan a auna inda duti da dare suka haɗu. Rabin na biyu yana kama wanda ya fara aiki da asuba, kuma shi ne mutumin da aka fi mantawa. Mai shiga ƙarfe 4 na asuba ya tashi 12 na rana sunansa yana jerin masu dutin safe, amma sa'a biyu na farkon aikinsa na dare ne, kuma yana bin ku 500. Kafin ku yarda da kowace manhaja, ku gwada ta da duti uku: 19:00 zuwa 07:00 ta ba da 8, 23:00 zuwa 07:00 ta ba da 7, 04:00 zuwa 12:00 ta ba da 2. Idan ɗaya ya kauce, akwai mutanen da ake biya ba daidai ba a yanzu haka.

Irin wannan matsalar tana dawowa a ƙarshen wata. Dutin da ya fara ranar 31 ya ƙare ranar 1, na wane wata ne? Ko dai a danƙa shi duka ga ranar da ya fara, ko a raba shi a tsakar dare. Kowanne kuka zaɓa zai yi, muddin ɗaya kuke bi kullum. Haɗarin shi ne wata mai ƙarewa ya rufe lissafi a tsakar dare, sabon wata kuma ya ƙirga dutin da suka fara a cikinsa kaɗai. Sa'a shida daga 12 zuwa 6 sai su faɗa tsakani, babu watan da ya ɗauke su. Haka kuma a kula da mintoci. Sa'a bakwai da minti talatin 7.5 ce. Wanda ya rubuta 7.30 ya ninka da 250 ya zaftare wa ma'aikaci minti goma sha biyu, kuma ba zai ga kuskuren ba domin lambar ta yi kama da daidai.

Yanzu ga wanda mai karɓarsa bai zo ba. Ya fara 10 na dare, ya kamata ya tashi 6, amma sai 8 aka karɓe shi. Sa'a biyun nan ƙarin lokaci ne, babu gardama. Shin suna da alawus ɗin dare? Idan agogo kaɗai aka bi, ba su da shi, domin gari ya waye. Sai dai jikin da ya kwana a farke bai san an shiga dutin safe ba, kuma waɗannan sa'o'i biyu sun fi duk na baya wahala. Birazil ta kalli abin ta wannan fuska. Dokar ƙwadagonta ta sa dare ga ma'aikatan birni daga 10 zuwa 5 da ƙarin akalla kashi 20, tana kuma ƙirga sa'ar dare a matsayin minti 52 da daƙiƙa 30, ta yadda sa'a bakwai ta agogo ke zama takwas a albashi. Babbar kotun ƙwadagon ƙasar kuma ta tsaya a kan cewa wanda ya cika dutin dare aka tsawaita masa, ƙarin yana bin sa'o'in tsawaitawar. Ba kowace doka ce ta kai nan ba, amma babu abin da ya hana ku rubuta hakan a ƙa'idarku, kuma ina roƙon ku rubuta. Kuɗin kaɗan ne, 500 a misalinmu, sannan zai sa makarar mai karɓa ta bayyana a lissafin sashe, inda za a gan ta a magance ta.

Idan kuwa ƙarin lokacin ya faɗa cikin daren kansa, tambaya ɗaya ce: tarawa za a yi ko ninkawa? A ce ƙarin lokaci ninki ɗaya da rabi ne. Idan tarawa ce, 1,000 da 500 da 250, sa'ar ta zama 1,750. Idan ninkawa ce, a fara haɗa 1,250 sannan a ninka da ɗaya da rabi, ta zama 1,875. Japan tarawa take yi, kashi 25 na ƙarin lokaci da 25 na dare su zama 50. A Amurka kuwa dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani biyan alawus ɗin dare ba, amma idan yana biya, dole alawus ɗin ya shiga cikin kuɗin sa'ar da ake ninkawa wajen lissafin ƙarin lokaci. Ku san wadda dokarku ta ce. Abin da nake gani a wasu wurare, wato a biya wanda ya fi yawa cikin biyun a watsar da ɗayan, yana buƙatar hujja rubutacciya da ma'aikaci ya gani ya sa hannu, idan ma doka ta yarda da shi.

Duk lissafin nan ya dogara da 1,000 ɗin da muka fara da shi, kuma ga mai albashin wata, wannan lambar ma samo ta ake yi. Albashin 176,000 idan aka raba da sa'a 176, wato kwana 22 na sa'a takwas, ya ba da 1,000. Idan aka raba da 240, wato kwana 30, sai ya faɗo zuwa kusan 733, ƙarin sa'ar dare kuma ya sauka daga 250 zuwa kusan 183, alhali takarda tana nan tana cewa kashi 25. A raba da sa'o'in da mutum yake aiki a zahiri bisa kwantiraginsa, a kuma bayyana ko tsurar albashi ake rabawa ko har da wasu alawus.

Na san abin da wasunku za su ce: mu dunƙulallen kuɗi muke bayarwa a kowane dare, mun huta da wannan ƙirge-ƙirgen. Inda kowa ke duti iri ɗaya, hakan na iya yi. Amma dunƙulallen kuɗi ba ya motsi idan albashi ya ƙaru, sai darajarsa ta riƙa raguwa shekara bayan shekara, kuma yana ba mai sa'a huɗu a dare daidai da mai takwas, ko ya hana shi gaba ɗaya. A ƙasar da doka ta yanke kaso kuma, sai kun yi ƙirgar nan dai domin ku tabbatar dunƙulen bai gaza abin da doka ta ce ba.

Saboda haka ga abin da nake nema daga gare ku kafin albashi mai zuwa. Ku fitar da shafi ɗaya mai ɗauke da lokacin dare, da hanyar ƙirga, da hukuncin hutu, da na dutin da ya tsallaka wata, da yadda ƙarin lokaci ke haɗuwa da alawus, da lambar da ake raba albashi da ita, tare da misali ɗaya da aka bi har ƙarshe daga jadawalin wurinku. A manna shi inda masu dutin dare ke sa hannu, domin su ne ba sa haɗuwa da ofis a buɗe. A takardar albashi kuma, layin alawus ɗin dare ya nuna abu uku: yawan sa'o'i, ƙarin kowace sa'a, da jimla. Sannan ku zaɓi ma'aikata goma daga sassa daban-daban, har da mai shiga da asuba da mai tashi ƙarfe 2 na dare, a lissafa musu watan jiya da hannu daga rajistar shiga da fita, a gwada da abin da aka biya su. Inda aka ga gibi, a bi shi baya zuwa watan da ya fara, a biya bashin a layi na daban mai ɗauke da watannin da ya shafa, a kuma sanar da sauran waɗanda ke kan irin wannan jadawalin, ko da ba su kawo ƙorafi ba.

Na gode da kuka karanta. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani ma'aikacin lissafin albashi